Ribar hannun jarin da aka biya wa rabon riba sau biyu aka kuma sayar da sashensa cikin shekara: tambayoyi da amsoshi

Tun 2018, da kamfanin MTN na Gana ya sa hannun jarinsa a kasuwa a kan fesuwa 75 kowane guda, ya kuma bar mutane su saya ta kuɗin waya, masu riƙe da hannun jari suka yawaita a zangunan Kumasi. Sayen bai wahalar da kowa ba. Inda ake gardama shi ne ƙarshen shekara, idan mutum ya karɓi rabon riba sau biyu, ya sayar da wani sashe don wata lalura, sannan ya zauna yana son sanin kashi nawa cikin ɗari ya ci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaitawa daga Aboabo zuwa Asawase, kuma duk amsoshin a kan misali guda aka gina su, wanda ke tambaya ta 2.

1. Mece ce ribar tsawon riƙo, kuma me ake sakawa a cikinta?

Ita ce abin da kuɗinka ya haifa daga ranar da ka sayi hannun jari zuwa ranar da kake yin lissafi, idan an auna shi da abin da ka zuba tun farko. Abu uku ake tarawa: kuɗin da ka karɓa a wurin sayarwa, darajar abin da ya rage a hannunka a farashin ranar lissafi, da duk rabon ribar da kamfani ya biya ka a tsakani. Sai a cire uwar kuɗi daga jimlar, a raba saura da uwar kuɗin. A littattafai da manhajojin lissafi za ka gan ta da haruffan HPR.

```
HPR = (S + V + D1 + D2 - C) / C
```

A nan S kuɗin abin da aka sayar ne, V darajar abin da ya rage, D1 da D2 rabo na farko da na biyu, C kuwa uwar kuɗi. Ka lura babu kwanan wata ko ɗaya a cikin wannan ƙa'ida. Ba ruwanta da ko a Afrilu kuɗi ya shigo ko a Disamba. Wannan shi ne sauƙinta, shi ne kuma iyakarta, kamar yadda za ka gani a tambaya ta 9.

2. A ba mu misali da alkaluma, daga farko har ƙarshe.

A ɗauka wata hajiya mai shagon atamfa a Kejetia ta sayi hannun jari guda 5,000 na wani kamfani ranar 2 ga Janairu 2024, kowane guda sidi 2.00. Uwar kuɗinta sidi 10,000 ke nan. Kamfanin da farashin duk na misali ne. Ranar 30 ga Afrilu aka biya rabon ƙarshen shekarar da ta wuce, fesuwa 20 a kan kowane guda. A lokacin guda 5,000 ɗinta suna nan cif, don haka rabonta sidi 1,000. Ranar 2 ga Yuli kaya suka iso mata daga Tema tana bukatar kuɗi, sai ta sa dillalinta ya sayar da guda 2,000 a kan sidi 2.60, ta sami sidi 5,200. Ranar 30 ga Satumba aka biya rabon tsakiyar shekara, fesuwa 10 a kan kowane guda, amma yanzu guda 3,000 ne a sunanta, rabonta ya zama sidi 300. Ranar 31 ga Disamba kasuwa ta tashi farashi yana sidi 2.40, wato abin da ya rage mata ya kai sidi 7,200.

Idan aka tara 5,200 da 7,200 da 1,000 da 300 za a sami sidi 13,700. A cire 10,000, saura 3,700. A raba 3,700 da 10,000, ya ba da kashi 37 cikin ɗari. Wannan ita ce ribar kafin a taɓa la'ada da haraji, waɗanda ke tambaya ta 5.

Yana da kyau a san inda 3,700 ɗin ta fito, domin ta nan ake kama kuskure. Sidi 1,200 daga hawan farashin abin da ta sayar ne, fesuwa 60 sau 2,000. Wata 1,200 ɗin daga hawan abin da ya rage ne, fesuwa 40 sau 3,000, kuma wannan riba ce ta takarda tunda ba ta shiga jaka ba tukuna. Sauran 1,300 rabo biyun ne. Idan lissafinka ta wannan hanya bai yi daidai da na farko ba, akwai adadin da ka saka ba a muhallinsa ba.

3. Ni na yi nawa lissafin na sami 39, maƙwabcina ya sami 61. Wa ya yi daidai?

Babu ko ɗaya, kuma daga amsar kawai ana iya gane inda kowa ya zame. Wanda ya sami 39 ya haɗa rabo biyun ne wuri guda, ya ce fesuwa 30 sau 5,000, ya sami 1,500 maimakon 1,300. Ya manta guda 2,000 sun bar hannun hajiya kafin rabo na biyu, wanda ya saye su ne ya karɓi wannan sidi 200. Kowane rabo da adadinsa ake ninka shi, adadin da ke sunanka a ranar da ta dace, ba adadin da ka fara da shi ba. Wace rana ce ta dace, duba tambaya ta 4.

Mai 61 da ɗoriya kuwa kuskurensa ya fi girma. Ya tara ribar duka, 3,700, sai ya raba ta da kuɗin guda 3,000 da suka rage, wato 6,000, yana ganin ai su kaɗai ne ke kasuwa yanzu. Wanda ya sayi raguna biyar ya sayar da biyu kafin Sallah ba ya auna ribar biyar ɗin da kuɗin uku. Abin da ke sama da abin da ke ƙasa a rabawar dole su zama na kaya ɗaya: ribar guda 5,000 a kan kuɗin guda 5,000, ko ribar guda 3,000 a kan kuɗin guda 3,000.

Akwai na uku wanda shi asara yake gani. Ya buɗe takardar asusunsa a Disamba ya ga 7,200, ya ƙara rabo 1,300, ya ce ai 10,000 ya zuba, don haka ya faɗi da kashi 15. Shi kuɗin Yuli ne ya manta, saboda tuni an kashe su. Kashe kuɗi ba ya fitar da su daga lissafi.

4. Na sayar kafin ranar biyan rabo, amma sai ga kuɗin sun shigo mini cikakku. Kuskure aka yi?

Galibi ba kuskure ba ne. Ba ranar biya ce ke nuna mai rabo ba. A sanarwar da kamfani ke fitarwa ta kasuwar hannun jari ta Gana, GSE, za ka ga ranaku uku: `ex-dividend date`, `qualifying date` da `payment date`. Ta tsakiya, wato ranar cancanta, ita ce ranar da ake duba rajista a ga sunayen masu hannun jari. Da yake ciniki a kasuwar yana ɗaukar kwana uku na aiki kafin sunan mai saye ya zauna a CSD, ma'ajiyar da ke riƙe da rajistar hannun jari, sai aka sa ta farkon ta riga ta. Wanda ya saya kafin ranar farkon nan yana da rabo. Wanda ya saya a ranar ko bayanta ba shi da shi, na mai sayarwa ne. Ranar biya tana iya zuwa makonni bayan haka.

Ga yadda wannan ke shafar misalinmu. Da hajiya ta jinkirta sayar da guda 2,000 ɗin har zuwa bayan `ex-dividend date` na rabo na biyu, ko da kwana ɗaya ne, da rabonta na biyu a kan guda 5,000 za a biya, sidi 500, duk da cewa ranar 30 ga Satumba guda 3,000 ne kawai a asusunta. Sai dai kada wani ya ɗauka an sami dabarar cin banza. Mai saye ya san ba shi da rabo, don haka a ƙa'ida farashi yakan sauka da kwatankwacin rabon a wannan rana. A kasuwar da ba a yawan ciniki saukar ba ta fitowa fili kullum, amma ba abin dogaro ba ne.

Haka nan idan ranar cancanta ta wuce a Disamba amma sai Janairu za a biya, rabon na shekarar da ta ƙare ne a lissafinka. Ka saka shi a matsayin bashin da kake bin kamfani, domin farashin 31 ga Disamba ya riga ya zubar da shi.

5. La'adar dillali da haraji fa, a ina suke shiga?

Haraji a kan rabon riba a Gana kashi 8 ne cikin ɗari, kuma tun a tushe ake cire shi kafin kuɗin su iso gare ka. Rabon hajiya na farko, 1,000, an cire 80, ta karɓi 920. Na biyu, 300, an cire 24, ta karɓi 276. Fesuwa 20 da fesuwa 10 da ake sanarwa adadi ne na kafin haraji, shi ya sa saƙon da ke shigowa waya ko banki kullum yake gaza abin da mutum ya lissafa a kansa.

La'ada kuwa sau biyu take cizo, wurin saye da wurin sayarwa. Takardar cinikin da dillali ke ba ka tana nuna tasa la'adar da sauran kuɗaɗen hukumomin kasuwa, layi bayan layi, kuma adadin da ke can ƙasa shi za ka ɗauka. Don misalinmu a ce duka sun kama kashi 2 cikin ɗari. La'adar saye ana ƙara ta a kan uwar kuɗi: 10,000 da 200, ya zama 10,200. La'adar sayarwa ana cire ta daga kuɗin da aka samu: 5,200 ban da 104, saura 5,096.

```
(5,096 + 7,200 + 920 + 276 - 10,200) / 10,200
= 3,292 / 10,200 = 0.3227
```

Kashi 37 ya koma 32.3. Kusan maki biyar sun tafi ba tare da farashi ya motsa ba. A ganina wannan adadin ne mutum ya kamata ya riƙe a matsayin nasa, kashi 37 ɗin na hira ne a bakin shago. Mai son ya ƙara tsantseni zai iya cire la'adar da zai biya idan ya sayar da sauran yau, sidi 144 a kan 7,200, ribar ta zama 3,148, kashi 30.9. Ba dole ba ne, amma in Janairu kake shirin sayarwa gara ka cire.

6. Zan iya raba lissafin gida biyu, wanda na sayar da wanda na riƙe?

Za ka iya, kuma ita ce hanya mafi kyau ta tabbatar da amsar tambaya ta 5. Ka ɗauki guda 2,000 da aka sayar kamar wani jari ne mai zaman kansa. Kasonsu na uwar kuɗi kashi biyu cikin biyar ne na 10,200, wato 4,080. Sun kawo 5,096 na sayarwa, da kasonsu na rabon farko, 368 daga cikin 920. Ba su da komai a rabo na biyu. Jimla 5,464, riba 1,384, wato kashi 33.9 cikin wata shida.

Guda 3,000 da suka rage uwar kuɗinsu 6,120. Darajarsu 7,200, kasonsu na rabon farko 552, rabo na biyu duka nasu ne, 276. Jimla 8,028, riba 1,908, kashi 31.2 cikin shekara. Tara 1,384 da 1,908, za ka dawo kan 3,292 ɗin nan daidai. In kana son haɗa kason biyu su zama ɗaya, kada ka tara 33.9 da 31.2 ka raba biyu, domin kuɗin ba daidai suke ba. Ka ba na farko nauyin kashi 40, na biyu kashi 60, sai ka sami 32.3.

Wani abu da wannan rabawar ke fitarwa fili shi ne cewa kaso biyun ba na tsawon lokaci ɗaya ba ne. Ɗaya na wata shida ne, ɗaya na wata goma sha biyu. Duk wahalar da ke tambayoyi na 9 da 10 daga nan ta taso.

7. Malam, ni abin da nake son sani kawai shi ne, sayarwar da na yi a Yuli ta amfane ni ko ta cuce ni?

Hajiya, wannan yana da amsa a alkaluma. Ki kwatanta abin da kika samu da abin da za ki samu da kin bar guda 2,000 ɗin har Disamba. Kin sayar kin karɓi 5,096 bayan la'ada. Da kin riƙe, darajarsu a sidi 2.40 za ta zama 4,800, ga rabo na biyu na sidi 200 wanda zai koma 184 bayan haraji, jimla 4,984. Sayarwar ta fi da sidi 112. Ba wani abin a buga ganga ba ne, amma ba ki yi asara ba, kuma kuɗin sun yi miki aiki wata shida a shago.

Ta fuskar kaso, wanda ya sayi guda ɗaya a sidi 2.00 bai taɓa shi ba har ƙarshen shekara ya ci fesuwa 40 na farashi da fesuwa 30 na rabo, kashi 35 kafin la'ada da haraji. Ke kin ci 37 a ma'auni guda. Tazarar maki biyun nan ita ce ladan sayarwarki. Da farashi ya ci gaba da hawa zuwa sidi 3.00 a Disamba, da tazarar ta juya kanki.

8. Ta yaya zan san abin da hannun jarin kansa ya yi, ba tare da shigata da fitata ba?

A nan sai a yanka shekarar a daidai ranar da aka sayar, a yi lissafin kowane yanki a kan guda ɗaya, sannan a ninka su. Daga Janairu zuwa 2 ga Yuli farashi ya tashi daga 2.00 zuwa 2.60, ga rabon fesuwa 20, riba fesuwa 80 a kan sidi 2.00, kashi 40. Daga Yuli zuwa Disamba mafari ya zama 2.60, ba 2.00 ba. Farashi ya sauka zuwa 2.40, rabo fesuwa 10, an tashi da 2.50, wato faɗuwar fesuwa 10 a kan 2.60, kashi 3.85 ƙasa da sifiri.

```
(1 + 0.40) x (1 - 0.0385) - 1 = 0.346
```

Ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Wanda ya cire 3.85 daga 40 zai sami 36.15, ba daidai ba ne, domin faɗuwar rabin shekara na biyu a kan kuɗin da suka riga suka girma ta faɗa. Wannan ma'auni bai damu da guda nawa ka riƙe a kowane yanki ba, shi ya sa masu kula da jarin jama'a ke amfani da shi, kuma shi ya dace idan kana kwatanta kamfani biyu.

Mai ido zai ce a tambaya ta 7 an ce 35, a nan kuma 34.6. Dalilin shi ne ninkawar tana ɗauka an mayar da rabon farko cikin hannun jarin a farashin Yuli, don haka fesuwa 20 ɗin ma sun sha faɗuwar da ta biyo baya. Lissafin 35 kuwa ya ɗauka an ajiye su a gefe. Wata lura kuma ga mai son kwatanta kansa da kasuwa: ma'aunin `GSE-CI` da ake karantawa a labarai motsin farashi yake bi, rabon riba ba ya ciki, don haka in ka ɗora naka mai rabo kusa da shi ka ba kanka fifikon da ba na gaskiya ba.

9. Tunda rabin kuɗina sun dawo tun Yuli, ai kashi 32 ya yi kaɗan. Ko ba haka ba?

Akwai gaskiya a maganar. Rabawa da 10,200 tana nuna kamar kuɗin duka sun kwana a kasuwa shekara guda, alhali 920 sun dawo bayan wata huɗu, 5,096 bayan wata shida, 276 bayan wata tara. Idan aka auna kowane kuɗi da kwanakin da ya yi a waje, matsakaicin abin da hajiya ke da shi a kasuwa cikin shekarar bai wuce sidi 7,000 ba. Ribar 3,292 a kan irin wannan adadi ta haura kashi 45.

Hanyar da ake fitar da shi daidai ita ce a nemo kaso na shekara wanda, in aka mayar da kowane kuɗin da ya shigo zuwa darajarsa ta ranar saye, jimlarsu za ta zo daidai da uwar kuɗi. Da hannu sai an yi ta gwaji, amma a Excel ko Google Sheets aikin layi ɗaya ne. Ka jera kwanan wata a layin A, kuɗi a layin B, abin da ya fita daga aljihunka da alamar ragi, abin da ya shigo ba alama. Darajar abin da ya rage ita ma ka saka ta a ranar ƙarshe kamar ka sayar.

```
2024-01-02   -10200
2024-04-30      920
2024-07-02     5096
2024-09-30      276
2024-12-31     7200
=XIRR(B1:B5, A1:A5)
```

Zai ba ka kimanin 0.456, kashi 45.6 a shekara. Ka fahimci abin da adadin ke cewa: saurin da kuɗi suka yi ne a kwanakin da suke cikin hannun jarin. Ba ya nufin 10,200 sun haifi sidi 4,650 a Disamba. Hakan zai tabbata ne kawai da kuɗin Afrilu da na Yuli da na Satumba sun ci gaba da haihuwa da wannan saurin a inda aka kai su.

10. To wanne zan faɗa idan aka tambaye ni, 32, 35 ko 46?

Ya danganta da tambayar. In ana son sanin nawa sidi 10,200 suka kawo daga wannan kamfani, 32.3 ne, sidi 3,292. In ana son sanin ko kamfanin ya yi abin kirki a shekarar, 34.6 na tambaya ta 8. In kana auna shi da wani wurin ajiya da ake faɗin ribarsa a shekara, kamar takardun bashin gwamnati na kwana 91, to 45.6 ne ke magana da yarensu. Laifin shi ne mutum ya ɗauki mafi girma don ya fi daɗin faɗi, ya ɗora shi kusa da na wani da aka lissafa ta wata hanya.

Wanda na fi ƙi shi ne a ɗauki kashi 33.9 na wata shida da ke tambaya ta 6 a mayar da shi na shekara. A ƙa'ida ana ninka 1.339 da kansa, ya ba da kusan kashi 79. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma yana ɗauka rabin shekara na biyu zai maimaita na farko, mu kuwa mun ga abin da ya faru bayan Yuli.

Abin da hajiya ta samu a kan 5,096 a shago kuma ribar atamfa ce. In ta juya su ta ci kashi 10, kimanin sidi 510, tana iya cewa kuɗinta na Janairu sun haifi 3,802 gaba ɗaya, kashi 37.3. Amma a littafi gara a raba su, kada ƙoƙarin shago ya rufe wa kamfani asiri.

11. Da tsadar kaya da ake ciki, wannan riba ce ta gaske?

Hukumar ƙididdiga ta Gana ta bayyana hauhawar farashi ta Disamba 2024 a kan kashi 23.8 idan an kwatanta da Disambar 2023. Don a cire ta, rabawa ake yi: 1.3227 a raba da 1.238 ya ba da 1.068, wato ƙarfin sayen kuɗin hajiya ya ƙaru da kashi 6.8 ne kawai. Masu cire 23.8 daga 32.3 suna samun 8.5, kuma tazarar tana ƙara faɗi idan hauhawar ta yi tsanani. A Disamba 2022 ta kai kashi 54.1, wanda ke nufin mai riba irin ta hajiya a waccan shekara kuɗinsa sun ƙaru a ƙirge amma abin da za su saya ya ragu.

Adadin 6.8 ya ɗauka duk kuɗin da suka fito an ajiye su ne har Disamba. Tunda hajiya ta sayi kaya da nata a farashin Yuli, ta ɗan fi haka.

12. Ni ba a Janairu na saya ba, tun shekarun baya nake riƙe da su, kuma ba a farashi ɗaya ba.

In ribar wannan shekara kake nema, manta da farashin da ka saya. Uwar kuɗinka ita ce adadin da ke hannunka ranar farko ta shekara sau farashin da aka rufe shekarar da ta wuce da shi, kuma babu la'adar saye tunda ba ka saya a bana ba. In kuwa tun ranar saye kake so, to uwar kuɗi ita ce duk abin da ka biya, sannan dole ka tattaro rabon kowace shekara, ba na bana kaɗai ba. Wanda ya saya a fesuwa 75 a 2018 ya raba ribar bana da wancan farashi zai sami adadi mai ban sha'awa wanda ba na shekara ba ne, ba kuma na tsawon riƙo ba.

Idan ka saya kashi biyu a farashi daban, tambayar wanne ka sayar tana shafar rabawar tambaya ta 6 ne kawai. Ko ka ce na farko ne suka fara fita, ko ka yi matsakaicin farashi, jimlar riba ba ta canzawa. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta kowace shekara.

13. Na bi duk matakan amma amsata ta fito wata iri. Me zan duba?

Fara da adadin hannun jari. Takardar asusunka ta CSD, wadda dillali zai iya fitar maka, tana nuna shiga da fita da kwanan wata. Raba kuɗin rabon da ya shigo maka da 0.92, sannan da fesuwar da aka sanar, ka ga ko ya ba da adadin da kake zato. A misalinmu 276 a raba da 0.92 ya ba da 300, a raba da 0.10 ya ba da guda 3,000. In ya ba da wani abu daban, koma tambaya ta 4. Ka kuma duba ko dillali ya sayar da kayanka a rana ɗaya. A kasuwar da masu saye ba su da yawa, umarnin sayar da guda 2,000 yana iya cika kashi-kashi a ranaku daban da farashi daban, kowane da takardarsa, kuma duka za ka tara. Farashin ƙarshen shekara ma haka: in hannun jarin ya kwana biyu ba a yi cinikinsa ba, adadin da ke allo na tsohon ciniki ne, ka tambayi dillali nawa masu saye ke tayawa yanzu.

In manhajar ce ta ƙi, `#NUM!` yawanci na nufin ka manta alamar ragi a kan uwar kuɗi, duk layin ya zama shiga babu fita. `#VALUE!` na nufin ta ɗauki kwanan watan a matsayin rubutu. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya nuna alamar komai: ka rubuta 02/07/2024 kana nufin 2 ga Yuli, na'urar da aka saita da tsarin Amurka ta karanta 7 ga Fabrairu, kuɗin sayarwa su dawo wata biyar kafin lokacinsu, kason ya yi tsalle sama. Ka sa layin ya nuna sunan wata da haruffa, ka karanta ranakun biyar ɗaya bayan ɗaya kafin ka yarda da amsar.